Malam An-Tattauna da Kududdufin Tani

A lungunan da ke bayan Ƙofar Ruwa, in ka tambayi gidan Malam Gwadabe sai an tsaya tunani, don Gwadabe ba ɗaya ba ne a cikin gari. Amma ka ce Malam An-Tattauna, ko mai tura ruwa zai nuna maka ƙofar. Tsohon malamin firamare ne, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, da farar hular da ta ga jiya ta ga yau. Ya koyar da rabin mazan unguwar karatu, ya yi ritaya babu ko keke mai kyau. Abin da aka fi saninsa da shi kuwa ba koyarwar ba ce. Shi ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwa, tun gemunsa baƙi wuluk har ya koma fari fat.

Yadda littafin taro ya zo hannunsa ma labari ne. Kafin shi akwai wani sakatare mai zafin kai, wanda abin da zuciyarsa ta gani shi hannunsa ke rubutawa. Wata rana aka yi gardama a kan gyaran kwata, dattijai biyu suka ɗaga wa juna murya, da aka kira magariba suka yi salla kafaɗa da kafaɗa, magana ta wuce. Ai kuwa da wata ya zagayo, sakatare ya miƙe gaban jama'a ya karanta cewa wane ya tashi cikin rashin kunya ya ƙaryata na gaba da shi. A gaban 'ya'yan mutumin fa! Faɗan da ya mutu ya tashi garau, har da cin kwala. Ƙungiya ta watse, gidajen nan biyu suka yi shekaru ba su zuwa sunan juna. Gwadabe yana zaune a bencin baya ranar, ya gani da idonsa. Shi ya sa da aka farfaɗo da ƙungiyar aka miƙa masa littafin, ya ce zai karɓa da sharaɗi guda: zai rubuta abin da aka ce da abin da aka yanke, amma ba zai rubuta wanda ya yi fushi ba.

Ana taron ne Lahadin ƙarshen wata bayan la'asar, a wani aji na makarantar Islamiyya. A buɗe da addu'a, sakatare ya karanta bayanin taron baya, wanda kowa ke kira minti, mai gyara ya yi gyara, wani ya kawo shawarar a amince, wani ya goyi baya, ciyaman da sakatare su sa hannu. Daga nan sai sabuwar hayaniya. Shi dai Malam yana gefe da fensir da 'yan fallayen takardu, kansa a sunkuye. Washegari da hantsi zai shimfiɗa tabarma a zaure, ya ɗauko babban littafin da biro, ya fara tace magana kamar mai tankaɗe gari.

In wani ya ce wa wani, "Ƙarya kake yi wallahi!" a littafi sai ka ga: Malam wane bai amince da wannan bayani ba, ga kuma dalilinsa. Dalilin nan bai taɓa yar da shi ba, ko na wane ne. Saɓanin yana nan daram a rubuce, zafin kawai yake tsamewa. Akwai kalmomin da ba sa shiga littafinsa ko da wasa: ya daka tsawa, ya yi taurin kai, abin takaici. Hatta "ya yi iƙirari" ba ya so, wai in ka ce mutum ya yi iƙirari ka riga ka ce masa maƙaryaci a fakaice. A wurinsa kowa "ya ce" ne, ko "ya bayyana", ko "ya nemi". In kuwa aka yi ta kai ruwa rana ba a cimma komai ba, sai ya rubuta an tattauna, an ɗage maganar zuwa taro na gaba.

Babagana ne ya laƙaba masa sunan. Abokinsa ne tun makarantar allo, mai wankin hula, jikan mutanen Barno da suka daɗe da zama 'yan gari, mutum mai kirki da baki kamar barkono. Yakan ce, "Kai Gwadabe, ko kashe ni aka yi a wurin taron nan, na san abin da za ka rubuta. An tattauna, daga baya memba ɗaya ya rasu." A yi ta dariya, har da Malam ɗin. Amma kowa ya sani, tun da ya karɓi littafin ba a sake ɗaga wa juna hannu saboda abin da aka karanta ba.

Malam Gwadabe yana da yaya guda a duniya, 'Yardada. Ita ta goye shi, ita ta yaye shi da mahaifiyarsu ta kwanta ciwo. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan mahaifinsu, tsohon ginin ƙasa mai azara, a can ƙasan gangare. Nan take tuyar alkaki da dubulan na gara, da shi take ci, da shi take yaɓe katanga duk shekara kafin damina. A ɗakin kudu na gidan nan aka haifi su biyun. Ba ta da wani abu a duniya sai shi.

Gefen gidan kuwa akwai Kududdufin Tani. Ba wanda ya san ko wace Tani ce. Rami ne da kakanni suka ɗebi ƙasar gini, ya zama matattarar ruwa. Ba abin sha'awa ba ne, kada ma wani ya yi maka ƙarya: kore shar, ga leda, ga wari, ga sauro kamar a bakin ƙwarya. Sai dai duk ruwan da ya sauka a saman unguwa, nan yake gangarowa ya kwanta. Shi ya sa gidajen gangare suka kai wannan zamani a tsaye.

Ciyaman na lokacin Alhaji Abdulmalik ne, mai sayar da kayan gini a kasuwar Ƙofar Ruwa, wanda Malam ya koya wa rubutu a aji uku. Shi ya kawo shawarar a cike kududdufin a gina shaguna, hayar ta riƙa tafiya ga makarantar Islamiyya. Kuma a faɗi gaskiya, maganarsa ba ta banza ba ce. Zazzaɓi ya addabi yara, malaman makarantar ba a iya riƙe su. Ofishin da ke ba da izinin irin wannan aiki ya ce sai an kawo masa minti da ke nuna matsayin mutanen unguwa. Nan fa littafin Malam, wanda da ba mai kula shi sai ranar Lahadi, ya zama abin da kowa ke kallo.

Taron ranar ajin bai ɗauki mutane ba, har ta taga ake leƙe. Kafin a fara, Malam ya miƙe ya ce a shaida, gidan yayarsa yana cikin gidajen da maganar ta shafa, in ana so wani ya riƙe rubutun yau. Aka ce haba Malam, wa zai riƙe in ba kai ba? Ya zauna, ya rubuta hakan ma.

Alhaji ya yi bayaninsa. Babagana ya miƙe tun bai rufe baki ba.

"Ruwan fa? In kun cike ramin, ruwan sama takarda za ku rubuta masa ya canza hanya? Gidajen gangare fa? Tsohuwar nan 'Yardada ina za ta?"

Aka yi ta ja-in-ja, murya tana hawa kan murya. Can Alhaji ya ƙule, ya buga tebur ya ce, "To wa ya ce ta zauna a kwari? Gidan ƙasa ne, ko ba ruwa ai ya kusa faɗuwa. Saboda tsohuwa ɗaya za mu tsayar da ci gaban unguwa?"

Kowa ya juya ya kalli Malam Gwadabe. Fensirinsa ya tsaya, kunnuwansa suka yi zafi. Wannan yaron, wanda yake zuwa gidan 'Yardada cin guntun alkaki da majina a hanci! Ya ji kamar ya tashi ya shara masa mari. Bai tashi ba, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da rubutu.

Babagana kuwa ya taso wa Alhaji. Azzalumi, mara mutunci, ɗan kasuwar da zai sayar da kabarin ubansa, ba abin da bai faɗa ba, har benci ya kife. Da ƙyar liman ya kwantar da ƙurar, ya kawo shawarar a haƙa magudanar ruwa tukuna kafin a zuba ko tifa ɗaya. Aka ce an yarda, an yarda. Aka ɗaga hannu a kan cikon: ashirin da uku sun goyi baya, tara sun ƙi. Hannun Malam yana cikin taran, shi ya ƙirga da kansa. Ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa ya ce, "Magudanar nan wa zai yi, kuma zuwa yaushe?" Ina! An fara kiran magariba, jama'a sun yi ƙofa suna neman takalma. Ba wanda ya amsa masa.

Washegari yana zaure da littafi a cinya sai ga Babagana, ko sallama bai gama ba ya zauna.

"Ka rubuta abin da ya ce?"

"Na rubuta ya ce amfanin cikon ya fi illarsa, kuma gidajen gangare sun tsufa."

"Ba haka ya ce ba! Cewa ya yi wa ya ce ta zauna a kwari. Ka sa shi yadda ya fito daga bakinsa. Ka sa an yi faɗa, an kifar da benci, an yi mana ƙarfa-ƙarfa. Mutanen ofis ɗin nan na san su, ba abin da suke tsoro kamar rigima. In suka ga wuta a takarda ba za su sa hannu ba."

"In na sa nasa, sai na sa naka. Ka ce zai sayar da kabarin ubansa."

"Sa mana! Ni na ji tsoro?"

"Babagana, wata mai zuwa zan tsaya in karanta wannan a gaban 'ya'yansa da naka. Ka manta abin da ya faru a kan kwata?" Malam ya juya masa littafin. "Duba. Ga dalilinka nan gaba ɗaya, ban rage komai ba. Ruwan saman unguwa ba shi da wata mafita, gidajen gangare na ƙasa ne, za su iya rushewa. Ga ƙuri'a. Ga sharaɗin magudana."

Babagana ya ture littafin. "Wannan ai kunun da ya kwana ne. Yayarka ce fa, Gwadabe. Ita ta goye ka."

Malam ya jawo littafin gabansa. Ya san ita ta goye shi.

Da la'asar kuma Alhaji ya zo da kansa, ya durƙusa ya gaishe da malaminsa, ya ce jiya ɓacin rai ne, a yi haƙuri. Sannan ya sassauta murya.

"Malam, da an rubuta an amince baki ɗaya kawai, a huta. Waɗannan ƙorafe-ƙorafen in sun je ofis za su jawo tsaiko."

"Ba a amince baki ɗaya ba, Alhaji. Mutum tara sun ƙi, ni ma ina ciki."

"To a cire maganar magudanar, ai za mu yi ta."

"Taro ya yanke ta. Abin da taro ya yanke ba ni da ikon cirewa."

Alhaji ya tashi yana karkaɗe riga, fuska ba annuri. Ka ga aikin sakatare: rana ɗaya ya ɓata wa mutum biyu rai, kowanne ya tafi yana ganin an sayar da shi. Wurin magudanar ne ya fi tsaya wa Malam a rai. Ya daɗe yana kallon layin. Da zai rubuta ciyaman ne zai yi, kafin watan kaza, wa zai tuna ba a faɗa ba? Amma ba a faɗa ba ɗin. Sai ya rubuta gaskiyar: taro bai ambaci wanda zai ɗauki nauyin aikin ba, bai kuma sa lokaci ba.

Da wata ya zagayo ya karanta. Aka kasa kunne ana jiran inda zai karkata, bai karkata ba. Ba wanda ya samu abin gyarawa, aka amince, aka sa hannu. Malam ya tada maganar magudana, aka ce za a kafa kwamiti.

Jami'in da ofis ya turo matashi ne mai fara'a, da takalmi mai ƙyalli da bai so ya taka bakin kududdufin da shi ba. A ofishin makarantar aka karɓe shi, Alhaji da liman da Babagana da Malam. Ya karɓi kwafin minti ya bi shi da ido sama-sama, yana gyaɗa kai.

"Kai, masha Allah. Wa ya rubuta wannan? Baba, hannunka da kyau. Ai ku wayayyu ne. Wata unguwar in muka karɓi takardarsu, zagi ne tun daga sama har ƙasa, dole mu ajiye fayil ɗin mu jira su huce. Ku kuwa kun zauna kun fahimci juna."

Malam ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya matso ya ɗora yatsa a kan takardar.

"Ranka ya daɗe, a duba nan. Akwai waɗanda ba su yarda ba, ga dalilinsu. Maganar rushewar gidaje ce."

"Na gani, Baba. Ai an yi ƙuri'a."

"Ga kuma sharaɗin magudana."

"To ka gani, har kun warware matsalar da kanku."

Babagana ya fara magana da ƙarfi, jami'in ya yi murmushi ya ce shi da takarda yake aiki, takarda kuma ba ta nuna akwai rigima ba. Ya naɗe ta ya sa a jaka. Da suka fito, Babagana bai yi zagi ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya kalli abokinsa kawai ya ce, "Hannunka da kyau, Baba." Daga ranar ya daina tsayawa a zauren Malam.

Abin haushin shi ne, duk abin da jami'in ke buƙatar sani yana cikin takardar nan, baƙi a kan fari. Karantawa ce bai yi ba. Ihu yake nema, da bai ji ihu ba sai ya ɗauka ba mai ciwo.

Izini ya fito. Tifofi suka fara shigowa da ɓaraguzai da jar ƙasa, magudana kuwa ko diga ba a sara ba. Duk taro in an zo abubuwan da suka taso daga minti, Malam zai karanta layin nan, ya tambaya ina aka kwana. A ce ana kan ƙoƙari. Ya rubuta: ciyaman ya bayyana cewa ana kan ƙoƙari. Wata na gaba haka, na gaba ma haka. Ya bi liman, ya bi Alhaji har kasuwa, ya je ofis ɗin da ƙafarsa aka ce mai fayil ɗin ya tafi kwas. A bakinsa ya yi roƙo har da hawaye, wannan kam ya yi. A littafi dai bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

'Yardada ba ta zuwa taro, amma ba abin da bai zo kunnenta ba, har da maganar kwari. Ran da Malam ya je ya ce ta dawo gidansa kafin damina, tana gaban kasko tana juya alkaki a mai, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"An ce kana zaune ya faɗa."

"Ina zaune, Yaya."

"An ce kai ka rubuta musu takardar da suka kai."

"Na rubuta abin da aka yi ne."

"To madalla. Ni ba inda za ni. Nan aka binne cibiyata, da taka."

Ta tsame alkakin ta zuba masa biyu a faranti, kamar yadda ta saba tun yana yaro. Ya kasa ci.

Damina ta farko gidan ya sha, ruwa ya shiga tsakar gida har gwiwa, gindin katanga ya jiƙe ya fara zubowa. Malam da kansa ya ɗauki buhunan yashi ya jera mata a ƙofa, tsoho da shi, yana haki. Ta biyun ce ta gama aikin. Wata Talata cikin Agusta aka tashi da ruwa tun safe, bai ɗauke ba har azahar. Ruwan saman unguwa ya gangaro yadda ya saba tun zamanin kakanni, ya tarar da shaguna a mazauninsa, ya juya ya nufi gangare. Maƙwabta ne suka fito da 'Yardada da ƙarfi, tana riƙe da kaskonta tana cewa a sake ta. Ba su kai bakin lungu ba suka ji rugugi. Ɗakin kudu ne ya fara zama, sauran suka bi shi. Gidaje biyu na kusa su ma katangunsu suka tafi. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba.

Malam ya iso jiƙe sharkaf, ya tsaya yana kallon azarar da ya yi wasa a ƙarƙashinta tana yawo a ruwa. Ya kama hannun yayarsa ya kai ta gidansa, aka gyara mata ɗakin da ke kusa da zaure. Ta shiga ta zauna. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma sake kunna wuta a ƙarƙashin kaskon nan ba.

Lahadin ƙarshen watan aka yi taro, ya je da fensirinsa. Matarsa ta ce haba Malam, yau ma? Ya ce in bai je ba wani zai rubuta. Alhaji ya rame a fuska, ya yi ta'aziyyar asara, ya ce ruwan bana ko'ina ya yi ɓarna, ƙaddara ce, a rubuta hakan. Babagana ya ce ƙaddarar ubanwa, a rubuta sakaci ne da zalunci, a rubuta sunan wanda ya jawo. Aka sake hayaniya kamar ta farko, har da masu riƙe masu. A ƙarshe aka yanke a tara taimako ga gidajen da abin ya shafa, a kuma haƙa magudana. Wannan karon Malam bai bari an tashi ba sai da aka ambaci suna da lokaci. Sai dai gidan ya riga ya faɗi.

Washegari da hantsi ya shimfiɗa tabarma a zaure. Bai taɓa shan wahalar rubutu irin ta ranar ba. Abin da ke ransa ya sani sarai: an cuci yayarsa, kuma ya san wanda ya cuce ta, ya san shi ma hannunsa na ciki ko da bai yi ƙarya ba. Ya rubuta, ya tsaya, ya share ido da bakin riga, ya ci gaba. Da ya gama sai ya fara bitar abin a hankali da murya, yadda ya saba.

"Gwadabe."

Tana tsaye a ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida, ta dafa bango. Tun da ta zo gidan ba ta kira sunansa ba sai yau.

"Na'am, Yaya."

"Na ji kamar ka ambace ni. Karanta min."

Ya so ya ce ba komai ba ne. Ya ga idonta, ya fasa. Ya gyara tabarau ya karanta:

"An sanar da taro cewa gidan Malama 'Yardada ya rushe a ruwan ranar Talata, katangun gidaje biyu kuma sun faɗi. Wasu membobi sun bayyana cewa cike kududdufi ba tare da magudana ba ne sanadi. Wasu sun bayyana cewa yawan ruwan bana ne. An lura cewa magudanar da taro ya amince da ita tun farko ba a haƙa ta ba. An yi addu'a Allah ya mayar da alheri."

'Yardada ta gyaɗa kai a hankali kamar mai auna gishirin miya.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Yaya."

"Babu ƙarya a ciki," in ji ta. "Ko ɗaya babu." Ta ɗan numfasa. "To wasu sun ce, wasu sun ce. Kai kana cikin waɗanne wasun?"

"Yaya, ranar ƙuri'a na ɗaga hannu. Ina cikin waɗanda suka ƙi. Wallahi na ɗaga."

"Na sani, an gaya min." Ta dube shi, ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi sauƙi. "Wata rana in ni da kai mun mutu, wanda ya buɗe littafin nan zai san a ɗakin ne aka haife ka?"

"Ba zai sani ba."

"To."

Ta juya ta koma ciki tana bin bango. Malam Gwadabe ya kifa fuskarsa a tafin hannu ya yi kuka sosai, irin kukan da bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsu. Da ya lafa sai ya ga hawaye ya ɗiga a gefen shafin. Ya sa bakin rigarsa ya danne wurin a hankali don kada tawada ta baje, ya ja layi biyu a ƙasa, ɗaya na sa hannun ciyaman, ɗaya nasa.